Gero Hamsin Ba Biyu: Yadda Saƙon Dillali Ya Koma Jadawali

Ƙungiyarmu ta malamai ce, mu sittin da 'yan kai, a wata makaranta cikin garin Gombe. Duk wata ana cire wani abu daga albashin kowa a tara, idan kaka ta yi mu sayi hatsi a sari mu raba tun farashi bai ɗaga ba. Ni ce sakatariya, kuma tun da aka gano ina ɗan taɓa kwamfuta sai duk wani lissafi ya dawo kaina. Mai yi mana sayayya wani dattijo ne dillali a kasuwar Tudun Hatsi, ya fi shekara talatin a cikin buhuna. Baba muke ce masa. Ba ya rubutu a waya. Yana zaune kan buhu yana faɗa, ɗansa yana bugawa a WhatsApp, yadda maganar ta fito daga bakinsa haka take isowa gare ni.

A wannan shekarar kwamitin ya yanke za a sayi masara buhu 40, gero 30, dawa 20, wake 10, buhu ɗari cif. Abin da ke asusu ₦5,100,000 ne. Aka ce in karɓo farashi wurin Baba, in zuba shi a jadawali mai sahu uku, wato kaya, ma'auni da farashi, don a ga ko kuɗin za su isa. Ga saƙon da ya zo, ban gyara komai ba in ban da alamomin tsayawa:

"Salam Malama. Farashin yau. Masara fara buhu dubu arba'in da biyar, ja ta fi ta da biyu. Gero hamsin ba biyu, sabo ke nan, tsoho sai an ƙara uku. Dawa kamar jiya. Wake fari manya tamanin da biyar zuwa casa'in, ƙanana kuma mudu dubu da ɗari. Shinkafa 'yar gida mudu dubu da ɗari shida, in buhu ne mai kilo hamsin sittin, shanshera arba'in. Gyaɗa ɓararriya ɗari da goma. Man gyaɗa na tambayo a babbar kasuwa, jarka hamsin da biyar, kwalba dubu biyu ba ɗari biyu. Buhu fanko uku dubu. Dako jaka biyu-biyu."

Kada wani ya ɗauki alƙaluman nan ya nufi kasuwa da su, na rana ɗaya ne kuma ranar ta wuce. Abin da ya rage mai amfani shi ne ginin maganar. Duk ɗan Tudun Hatsi da ka karanta wa saƙon nan zai fahimce shi tsaf, ba zai yi tambaya ko ɗaya ba. Ni kuwa da digirina na zauna minti ashirin na mai da shi jadawali mai layi 15, na ninka da yawan buhunan da muke so, jimla ta ba ni ₦5,254,980. Wato muna da giɓin kusan dubu 155. Na buga a takarda na kai taron kwamiti ina jin na yi aiki.

Har an fara gardama kan ko a rage masara buhu huɗu ko a ce kowa ya ƙaro dubu biyu da rabi, sai ma'ajinmu, wanda ya kusa ritaya, ya sauke tabarau ya ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Malama, dakon buhu ɗaya naira dubu biyu? Daga rumfa zuwa mota za su kai, ko Kumo za su kai mana a ka?"

Na ce ai haka Baba ya rubuto, jaka biyu-biyu.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce jaka ba dubu ba ce, naira ɗari biyu ce. A zamanin fam, jaka ɗaya fam ɗari ce. Da aka canja kuɗi a 1973 aka mai da fam ɗaya naira biyu, sai jaka ta zama ₦200, kuma a bakin tsofaffin 'yan kasuwa har yau a nan ta tsaya. Ni na taso ina jin mutanen Nijar suna kiran sefa dubu da jaka, shi ne kunnena ya riƙe. Jaka biyu-biyu ₦400 ke nan kowane buhu, maimaicin nan na biyu-biyu shi ke nuna a kan kowane ɗaya ne. Buhu ɗari ₦40,000, ni kuma na rubuta ₦200,000. Aka tashi taro aka ce in je in sake duba sauran.

Da na koma gida ban buɗe kwamfuta ba. Na kwafe saƙon a littafi da hannu, jimla ɗaya a layi ɗaya, na bar fili a ƙarƙashin kowace. Jimla tara ce ke ɗauke da farashi. Sai na bi su ina yi wa kowace tambaya uku: wane kaya, da wane ma'auni, nawa? Duk inda na ga amsar a rubuce na ja mata layi da baƙin biro. Duk inda ni ce na cike ta daga kaina na rubuta ta da ja. Kafin in kai ƙarshe jan ya kusa rinjayar baƙin, kuma a nan na ga girman abin da na yi wa riƙon sakainar kashi da farko.

Jimla tana jingina da 'yar'uwarta. Baba ya ce buhu sau ɗaya a kan masara, ya ce dubu sau ɗaya, daga nan ya ɗauka na riƙe su, sai ya ci gaba da jefo lambobi tsirara: hamsin, tamanin da biyar, arba'in, ɗari da goma. Layin jadawali kuwa ba shi da maƙwabci. Da zarar an jera kaya bisa haruffa ko bisa tsada, layin da ke sama ya koma ƙasa, duk abin da ya ara daga na gabansa ya ɓace. Don haka kowane layi sai ya ɗauki kayansa cikakke: sunansa da irinsa, ma'auninsa, da kuɗinsa har sifilin ƙarshe. Aikin ba kwafa ba ne, mayar da abin da mai magana ya haɗiye ne, kuma wurin mayarwar nan ake ɓarna.

Masara ba ta ba da wahala ba. Fara ₦45,000. Dubu arba'in da biyar a kasuwa ba ta taɓa nufin dubu arba'in da naira biyar ba, dubun tana rufe lambobin biyu. Ja ta fi ta da biyu, biyun ma dubu ce, ₦47,000. Sai dai a lura, lambar 47,000 ba ta cikin saƙon ko kaɗan, ni na haife ta daga 45,000. Idan uwar ta karkace, 'yar ma ta karkace.

Haka kuwa ya faru da gero. Na ga "hamsin ba biyu" na ɗauka yaron ne yatsansa ya zame, da ya so bugawa ya buga ba, sai na gyara masa na rubuta ₦52,000. Ashe yaron daidai ya rubuta, ni ce na ɓata. Ba ɗin nan ta ragewa ce, irin ta ashirin ba ɗaya da muke nufin sha tara. Hamsin ba biyu arba'in da takwas ne. Abin haushin, a ƙasa kaɗan ga "dubu biyu ba ɗari biyu" a kan kwalbar mai, kuma can na karanta daidai na sa ₦1,800, don na san kuɗin kwalba, ina sayenta duk sati. Inda na san kasuwa na yarda da rubutun, inda ban sani ba na zargi marubucin. Bambancin harafi ɗaya, ₦4,000 a kowane buhu, buhu 30 ya zama ₦120,000. Tsohon gero da aka ce a ƙara uku shi ma ya bi sahu, na sa 55,000 alhali 51,000 ne.

Irin wannan kuskure ya fi na jaka haɗari. Dakon dubu biyu ido yana gani ya ƙi. Gero a dubu 52 kuwa ba wanda zai ɗaga kai, farashi ne da zai iya yiwuwa. Da ma'aji bai kama na dako ba, da na gero ya wuce salin alin, mu ba Baba kuɗi fiye da kima, sai dai amanarsa ta dawo mana da canji.

Dawa kamar jiya. Ni ba a aiko mini da komai jiya ba. Baba yana da masu saye da yawa, yaron yakan tura saƙo iri ɗaya ga mutum biyar ko shida, jiyan wani ne ya faɗo cikin nawa. Saƙon ƙarshe da nake da shi na kwana huɗu baya ne, a ciki dawa arba'in, shi na ɗauko na liƙa. A lokacin kaka kwana huɗu ba wasa ba ne, motoci biyu na masu saye daga kudu sun isa su motsa farashi. Kuma ban ma tsaya na tambayi kaina wace dawa ba, kaura ko farafara. Abin da ya kamata in yi shi ne in bar akwatin fanko in buga waya. Amma barinsa fanko ma yana da tarko: a Excel idan aka ninka akwatin da ba komai a cikinsa da 20, amsar sifili ce, ba gargaɗi ba ƙorafi, jimla ta fito sumul ba kuɗin dawa a ciki. Shi ya sa yanzu nake shafa wa irin wannan akwati launin rawaya, kuma ba na buga jimla sai rawaya ta ƙare.

Wake ne ya fi koya mini abu. Tamanin da biyar zuwa casa'in. Da farko na buga 85-90 a sahun farashi, lissafin ninkawa ya fito da `#VALUE!`, domin kwamfuta ta ɗauke shi rubutu ne ba lamba ba. Wannan kuskure ne mai ihu, na gode masa. (Da lambobin ƙanana ne, kamar 10-12, da ba ta yi ihu ba, kwanan wata za ta mai da su.) Sai na yi dabarar 'yan makaranta, na ɗauki tsakiya, ₦87,500. To babu wanda ke sayar da wake a wannan kuɗin a Tudun Hatsi ranar. Da na tambayi Baba sai ya ce ba wai farashin ne ke lilo ba, wake ne kala biyu. Akwai wanda aka zaɓe aka sheƙe, ba tsakuwa ba ɓulin ƙwaro, shi ne casa'in. Akwai gama-gari yadda ya zo daga ƙauye, tamanin da biyar. Kalmar zuwa ta ɓoye layi biyu ne a cikinta. Mu kuma mai kyan muke so, tunda ajiyewa za a yi, don haka kuɗinmu casa'in ne, tsakiyar da na ɗauka ta rage mana ₦25,000 a lissafi.

Ba kullum zuwa ke nufin haka ba. Wani lokaci tana nufin taya da sallama, mai kaya ya ce casa'in, in ka iya ciniki ya bar maka a tamanin da biyar. Wani lokaci farashin safe ne da na yamma. Daga rubutun kaɗai ba a rabewa, sai an tambaya. In ta tabbata kaya ɗaya ne farashin ke tsakanin biyu, sai a yi sahu biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa, mai saye ya yi kasafi da na sama.

A cikin jimlar waken kuma ma'auni ya sauya ba sallama. Manya a buhu, ƙanana a mudu. Wannan na gani tun farko don Baba ya faɗi mudun. Wanda ya kusa kayar da ni shi ne na shinkafa: "in buhu ne mai kilo hamsin sittin, shanshera arba'in." Lambobi biyu sun yi karo, hamsin da sittin, ta farko nauyi ce ta biyu kuɗi. Sannan shanshera ta biyo ba ma'auni. Ƙa'idar da na bi a sauran wurare ita ce kaya ya gaji ma'aunin da aka ambata kusa da shi, kuma da ita shanshera za ta zama buhu mai kilo hamsin. Ba haka ba ne. Shanshera shinkafa ce da ɓawonta, ba a kai ta inji ba, a babban buhu ake ɗura ta kamar masara, irin wadda ake kawowa daga wajen Dadin Kowa. Baba bai faɗa ba don a wurinsa ba abin faɗa ba ne. Nahawu ya nuna hanya ɗaya, kasuwa ta nuna wata, kuma kasuwa ce mai gaskiya.

Wannan ya sa na daina rubuta buhu kawai a sahun ma'auni. Buhu ba abu ɗaya ba ne. Babban buhun hatsi ana ce masa mai kilo ɗari, amma sunan ne, ba a sikeli ake cika shi ba, da mudu ake aunawa. Baba ya ce nasa mudu tamanin yake zubawa, mutanen Kano kuma da tiya suke ƙirga nasu, arba'in a buhu. Mudu kuwa cika yake aunawa ba nauyi ba, ga shi ana tara shi har ya yi tozo, kuma tozon wani ya fi na wani. Buhun masara da na shanshera da na gyaɗa za su iya zama girma ɗaya, a ɗora su a sikeli kowa da nasa nauyin. Na yi sha'awar in mai da komai kilo don jadawalin ya yi kyau a ido, sai na fasa. Duk lambar da zan sa ta kilo ƙirƙira ce, ba wanda ya auna. Na bar ma'aunin yadda ake ciniki da shi, na dai bambanta babban buhu da buhu kilo 50. In ana son kwatanta farashin mudu da na buhu, wannan sahu ne na huɗu, a rubuta a kansa cewa lissafi ne ba faɗar dillali ba.

Mudu tamanin ɗin nan ya yi mini wani amfani, shi ne ma'aunin hankali. Gyaɗa ɗari da goma: naira 110 ba ta sayen ko gwangwani, don haka dubu 110 ce, kuma buhu ne. In an raba da 80 mudu ya kama ₦1,375, abin da ya yi kusa da yadda ake sayar da ita a unguwa. Haka jarkar mai: lita 25 ce, kwalba kuma kashi uku cikin huɗu na lita, jarka tana ba da kwalba 33 da ɗan saura. Kwalba 33 a ₦1,800 ta kama ₦59,400, jarka ₦55,000, ratar ita ce ribar mai sayarwa ɗaiɗai. Lambobin sun yi sallama da juna. Da farashin sari ya fito sama da na ɗaiɗai, da na san akwai inda na karkace. Sai dai wannan gwaji raga ce mai manyan idanu, tana kama sifilin da ya ɓace ko ma'aunin da aka musanya, ba ta kama 48 da ta zama 52.

Buhu fanko uku dubu, a nan ma tsarin ya juye, adadi ne a gaba kuɗi a baya: guda uku naira dubu, ba dubu uku ba. Na raba na rubuta ₦333 a kan guda. Ba laifi a lissafi, amma je ka miƙa wa mai buhu ₦333 ka gani. Guda ɗaya ɗari huɗu yake sayarwa, rangwamen na mai ɗaukar uku ne. Sai na mai da ma'aunin guda 3, farashi 1000. Muna buƙatar sittin don raba wa masu rabin buhu, kashi ashirin ke nan, ₦20,000.

Washegari bayan la'asar na tafi Tudun Hatsi da littafina. Waya za ta iya yi, amma na fi son in gan shi. Na same shi a bakin rumfa, ana ɗinke bakin buhuna da babbar allura, ƙurar gero ta yi masa fari a gira. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, karatu na zo in yi maka, in na yi kuskure ka tsayar da ni."

"To 'yata, bismilla."

Ban karanta masa yadda ya faɗa ba, don in na ce hamsin ba biyu zai ce haka ne, alhali ban san ko abu ɗaya muke nufi ba. Na juya kowace lamba zuwa wata siga. "Gero sabo, babban buhu, naira dubu arba'in da takwas."

"Haka ne."

"Dako, kowane buhu naira ɗari huɗu."

"Jaka biyu, eh."

"Dawa fa, Baba? Ka ce kamar jiya, ni kuwa ban ga jiya ba."

Ya juya ya harari yaron, yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya ce kaura arba'in da biyu, farafara arba'in da ɗaya. Na ce kaura muke so. Ya ƙara da cewa farashin nan duk na wanda zai ɗauki buhu goma ne zuwa sama, mai buhu ɗaya sai ya ɗora ɗari biyar. Wannan sharaɗi bai shiga saƙo ba, ba kuma shi da gurbi a sahu uku, sai na rubuta shi a saman jadawalin tare da ranar da sunan kasuwar. Jadawalin farashi da ba rana a kansa bayan sati guda ya zama jita-jita.

Ga abin da jimla tara ta haifa, layi 17:

| Kaya | Ma'auni | Farashi (₦) |
|---|---|---|
| Masara fara | babban buhu | 45000 |
| Masara ja | babban buhu | 47000 |
| Gero sabo | babban buhu | 48000 |
| Gero tsoho | babban buhu | 51000 |
| Dawa kaura | babban buhu | 42000 |
| Dawa farafara | babban buhu | 41000 |
| Wake fari manya, zaɓaɓɓe | babban buhu | 90000 |
| Wake fari manya, gama-gari | babban buhu | 85000 |
| Wake fari ƙanana | mudu | 1100 |
| Shinkafa 'yar gida | mudu | 1600 |
| Shinkafa 'yar gida | buhu kilo 50 | 60000 |
| Shinkafa shanshera | babban buhu | 40000 |
| Gyaɗa ɓararriya | babban buhu | 110000 |
| Man gyaɗa | jarka lita 25 | 55000 |
| Man gyaɗa | kwalba | 1800 |
| Buhu fanko | guda 3 | 1000 |
| Dako | buhu 1 | 400 |

Za a ga sunan kaya ne a gaba, irinsa a baya: masara fara, masara ja, ba farar masara da jar masara ba. Dalili, in aka jera bisa haruffa 'yan gida ɗaya su zauna tare. Akwai kuma wani ƙaramin dalili da na gano da kaina. Na taɓa fara akwati da 'yar gida, sai alamar da ke gaban y ta ɓace, ya koma yar gida, domin Excel yana ɗaukar wannan alama a farkon akwati a matsayin umarnin cewa abin da ke biye rubutu ne, ba ya nuna ta. Da shinkafa a gaba matsalar ba ta tasowa. Haka nan sai an tsaya a kan rubutu ɗaya: gyaɗa mai lanƙwasa da gyada marar lanƙwasa kaya biyu ne a wurin kwamfuta, in aka tace ɗaya, ɗayar ba za ta fito ba.

Sahun farashi kuwa lamba ce zalla. Alamar naira tana can a kan sahun sau ɗaya, ba na buga naira ko dubu a cikin akwati, ba na sa waƙafi da hannu. In ana son a ga 45,000 da waƙafinta, a bar manhajar ta sa shi ta hanyar tsarin nuna lamba. Wanda zai tura jadawalin a matsayin fayil na CSV da ya rubuta da hannu ya fi kowa buƙatar wannan, don a can waƙafi ne ke raba sahu, 45,000 sai ta tsage ta zama 45 a wani sahu 000 a wani. Alamar farko ta gane lambar da ta zama rubutu ita ce wurin zamanta: lamba tana manne wa dama, rubutu yana manne wa hagu, muddin ba a taɓa saitin ba. Don tabbatarwa nakan sa waɗannan a gefe:

```
=COUNTA(A2:A18)
=COUNT(C2:C18)
```

Na farko yana ƙirga layukan da ke da sunan kaya, na biyu yana ƙirga akwatunan farashi da ke ɗauke da lamba ta gaske. Dole su zo ɗaya, a nan 17 da 17. In na biyu ya gaza, akwai akwati fanko ko lambar da ta rikiɗe rubutu. Amma su ma iyakarsu ke nan. Jadawalina na farko, bayan na sa 87,500, da zai ci wannan jarrabawa da maki cikakke, da geronsa na 52 da dakonsa na dubu biyu.

Sabon lissafi ya tsaya haka: masara ₦1,800,000, gero ₦1,440,000, dawa ₦840,000, wake ₦900,000, buhu fanko ₦20,000, dako ₦40,000. Jimla ₦5,040,000. Maimakon giɓin dubu 155, rarar dubu 60 gare mu. Da na bi diddigin ratar sai na ga kurakuran ba gefe ɗaya suka ja ba. Jaka da gero sun ƙara ₦280,000, dawa da wake sun rage ₦65,000. Da a ce sun zo kusan daidai da juna, da jimlar ta fito da kyan gani, layi huɗu a cikinta duk ƙarya, ba kuma wanda zai sake waiwayarta.

Wani a kwamiti ya kawo shawarar a buga wa Baba fom mai akwatuna ya riƙa cikewa, a huta. Ban goyi baya ba. Mutumin da ke tsakiyar ciniki, ga masu dako ga masu saye, ba zai zauna cike akwati ba, in an matsa masa sai ya daina aikowa ko yaron ya riƙa cikewa da ka. Kuma a cikin zubar maganar tasa ne ake tsintar abin da fom ba zai tambaya ba, irin su "sabo ke nan" da ya nuna mini akwai tsoho a kasuwa. Abu biyu kawai na roƙi yaron: ya riƙa sa rana a saman saƙo, kuma in Baba ya ce kamar jiya, ya tambaye shi nawa ne jiyan kafin ya tura.

Ranar da muka je ɗaukar kaya, kwana uku bayan haka, masara ta ƙara ɗari biyar a buhu, sauran suna nan. Na canja akwati ɗaya, 45000 ta koma 45500, jimla ta hau da ₦20,000, aka biya daga rarar. Masu dako takwas suka loda buhu ɗari kafin azahar, ma'aji ya ƙirga musu dubu arba'in a hannu, yana miƙawa yana kallona yana cewa, "Jaka ɗari biyu ke nan, Malama, ki rubuta."